Rahoton Binciken Walda na Firam ɗin Sito: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne aikin wannan rahoto?

Takarda ce da ke bayyana abin da sufeto ya gani kuma ya auna a kowane haɗin walda na firam ɗin ƙarfe, da hanyar da ya bi, da ƙa'idar da ya gwada haɗin a kanta, da hukuncin da ya yanke. Mizanin rahoto mai kyau ɗaya ne: mutumin da bai halarci binciken ba ya ɗauki takardar, ya shiga sito, ya ɗora yatsa a kan haɗin da ake magana, ya sake aunawa ya samu lamba iri ɗaya. Rahoton da ya ce kawai "an duba walda, ta yi kyau" bai amfani kowa ba, domin da zarar an fesa fenti an rufe rufi, babu sauran shaida sai abin da aka rubuta.

Me ya kamata a samu a shafin farko?

Sunan aikin, lambar rahoto, ranar bincike, da wurin da aka yi shi, wato a masana'anta ko a filin gini. Sai lambar zanen da aka yi aiki da shi tare da bugunsa, saboda zane yana sauyawa, kuma haɗin da ya dace da bugu na biyu yana iya saɓa wa na uku. Sai nau'in ƙarfe da kaurinsa, misali S355 ko A572 Gr 50, da lambar takardar tsarin walda da ake kira WPS, da nau'in sandar walda, da ƙa'idar karɓa tare da shekarar bugunta. Daga ƙarshe sunan sufeto, matakin shaidarsa, sa hannunsa, da lambobin kayan awon da ya yi amfani da su.

Shekarar bugun ƙa'ida ita aka fi mantawa da ita. A AWS D1.1, ƙa'idar walda ta Amurka, jadawalin karɓar walda ta ido yana sashe na 6 a bugun 2015, amma a bugun 2020 ya koma sashe na 8. Wanda ya rubuta lambar jadawali bai faɗi shekara ba ya aika mai karatu wurin da ba shi ne ba.

Yaya ake ba kowane haɗi suna ta yadda ba za a rikita ba?

Ana farawa da taswirar walda: a ɗauki zanen firam, a sa wa kowane haɗi lamba tun kafin a fara bincike. Sito yawanci jerin firam ne iri ɗaya da aka jera a kan layuka, kowanne da ginshiƙai biyu da rafta biyu, don haka gwiwar layi na 3, wato inda rafta ta haɗu da ginshiƙi, da ta layi na 9 kamarsu ɗaya. Lamba ce kaɗai ke bambanta su. Tsarin da ke aiki shi ne layi, ginshiƙi, sannan lambar walda. F7-B-W3 na nufin firam na bakwai, gefen ginshiƙin B, walda ta uku.

Ana rubuta lambar a jikin ƙarfen da alƙalamin fenti, kusa da haɗin amma ba a kansa ba, kuma a gefenta a sa alamar mai waldar da ya yi aikin. Idan haɗin dogo ne, a sa masa wurin farawa, a rubuta sifili a nan, duk wani aibi a auna nisansa daga wannan wuri. "Tsaga a W3" bayani ne mai rauni. "Tsaga mai tsawon milimita 6, milimita 590 daga sifili" ita ce za ta kai mai gyara wurin kai tsaye.

Waɗanne hanyoyin bincike ake rubutawa, kuma me ya sa ba a yi wa duk haɗi gwaji ɗaya?

Duban ido, wanda ake rubuta VT a rahoto, shi ne tushe, kuma ana yi wa kowace walda ba tare da togiya ba. Ba leƙe ba ne. ISO 17637 ta nemi haske aƙalla lukus 350 a fuskar walda, an fi son 500, ido kada ya wuce milimita 600 daga wurin, kuma kusurwar kallo kada ta gaza digiri 30. Sai an kankare ɓawon walda an goge da buroshin waya tukuna, domin ɓawon yana ɓoye ƙananan tsagu da zaizayar gefe, wato kwarin da wuta ke ci a gefen walda. Kayan aikin su ne gejin waldar kusurwa, gejin auna zurfin zaizaya, rula, tocila da madubin leƙa lungu.

Gwajin maganaɗisu, MT, yana fito da tsagar da ke saman ƙarfe ko dab da saman, wadda ido ba ya kamawa. Ana ɗora na'urar mai ƙafa biyu a kan haɗin, a yayyafa garin ƙarfe, garin ya taru a bakin tsagar. Dole a ɗora ta fuska biyu masu giciye da juna, saboda tsagar da ta bi hanya ɗaya da layin maganaɗisun ba ta tara gari. Na'urar mai wutar AC sai ta iya ɗaga kilo 4.5 kafin a yarda da ita, kuma wannan gwajin ma ana rubuta shi.

Gwajin rini, PT, yana kama aibin da ya buɗe baki a sama ne kawai. A firam ɗin baƙin ƙarfe MT ya fi shi sauri da kaifi, don haka ana komawa gare shi ne a lungun da ƙafafun na'ura ba sa zama.

Gwajin sauti, UT, shi ke duba cikin walda. An tanade shi don haɗin da aka ce narkewar ta ratsa kaurin ƙarfen gaba ɗaya, kamar inda aka haɗa filanji biyu baki da baki, wato faffaɗan farantin da ke sama ko ƙasan rafta. A D1.1 hanyar ta shafi kauri daga milimita 8 zuwa 200. Waldar kusurwa ta yau da kullum ba a yi mata UT, saboda akwai rata a ƙarƙashinta da zane ya yarda da ita, kuma na'ura za ta nuna ratar kamar aibi.

Wane haɗi ne zai sha wane gwaji, kuma kashi nawa cikin ɗari, wannan injiniya ne ke faɗa a takardar sharuɗɗan aiki. Sufeto ba ya zaɓa da kansa. Abin da rahoto zai nuna shi ne kason da aka nema, adadin haɗin da ke akwai, da lambobin waɗanda aka gwada.

Wace ƙa'idar karɓa ake bi?

Wadda kwantiragi ya ambata. Gidaje biyu aka fi haɗuwa da su: AWS D1.1 ta Amurka, da kuma EN 1090-2 ta Turai wadda ke jingina da ISO 5817. ISO 5817 tana da matakai uku, B mafi tsanani, C matsakaici, D mafi sassauci, kuma ginin ajin EXC2, inda yawancin sito ke faɗawa, galibi mataki C yake bi.

Ba a gauraya su, kuma ga dalili. A ɗauki zaizayar gefe mai zurfin milimita 0.8 a ƙarfe mai kaurin milimita 12. D1.1 ta karɓa, don iyakarta milimita 1 ce. ISO 5817 mataki C ta ƙi, don iyakarta ba ta wuce milimita 0.5 ba. Walda ɗaya, awo ɗaya, hukunci biyu. Shi ya sa kalmar "an karɓa" ba ta da ma'ana sai an faɗi a ƙarƙashin wace ƙa'ida.

A D1.1 kuma akwai rabuwa tsakanin ginin da nauyinsa ke zaune da wanda nauyi ke hawa yana sauka a kai a kai. Firam ɗin sito na farko ne. Amma idan akwai kuren, wato injin ɗaga kaya mai gudu a sama, katakon ƙarfen da ke ɗauke da layinsa yana iya shiga rukuni na biyu mai tsauri, kuma rahoto ya ware shi.

To mene ne iyakokin, idan D1.1 ake bi a gini mai nauyi a zaune?

Tsaga ba ta da rangwame. Kowace iri, kowane tsawo, a ko'ina, an ƙi. Haka ma rashin narkewa tsakanin walda da ƙarfe ko tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa. Ramin da sanda ke bari a inda aka ɗaga hannu dole a cike shi ya kai girman da zane ya nema.

Zaizayar gefe, wadda masu sana'a ke ce wa andakot, ita ce kwarin da wuta ke ci a gefen walda ta bar shi ba a cike ba. A ƙarfen da bai kai milimita 25 ba, zurfinta kada ya wuce milimita 1. An yi sassauci zuwa milimita 2, amma da sharaɗin jimillar tsawon wuraren kada ta wuce milimita 50 a cikin kowane milimita 300. A ƙarfe mai milimita 25 zuwa sama, iyakar milimita 2 ce a kowane tsawo.

Ƙarancin girma a waldar kusurwa yana da sharaɗi biyu, kuma mutane sun fi tuna na farko su manta da na biyu. Na farko: waldar milimita 5 zuwa ƙasa tana iya gazawa da milimita 2, ta milimita 6 da 2.5, ta milimita 8 zuwa sama da 3. Na biyu: wurin da ya gaza kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na tsawon waldar.

Hudojin iska da ake gani a sama: a haɗin baki da baki mai cikakkiyar narkewa wanda ya gitta hanyar ja, ba a yarda da ko ɗaya ba. A sauran, ana tara faɗin hudojin da suka kai milimita 1, jimillar kada ta wuce milimita 10 a cikin milimita 25, ko milimita 20 a cikin 300.

Me ya sa ake yawan gardama a kan girman waldar kusurwa?

Saboda ana auna ta hanya biyu. Ƙafa ita ce tsawon gefen waldar a jikin ƙarfe, ana rubuta ta z. Wuya shi ne kauri daga saiwar kusurwa zuwa fuskar walda, ana rubuta shi a. Zanen Amurka ƙafa yake faɗa, zanen Turai kuma sau da yawa wuya.

```
a = 0.707 × z
```

Idan zane ya ce a6, ƙafar da ake bukata kusan milimita 8.5 ce. Mai waldar da ya karanta 6 ya yi ƙafar milimita 6 ya ba da wuyan milimita 4.2 kacal, kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin haɗin ya tafi, kuma a ido waldar tsaf take. Irin wannan kuskure ba ya tsayawa a haɗi ɗaya, yana bin firam ɗin gaba ɗaya. Rahoto ya faɗi a fili ko ƙafa aka auna ko wuya. Idan fuskar waldar ta lotsa ciki, wuyan za a auna, domin ƙafa na iya cika wuya ya gaza.

Yaya ake rubuta haɗin da aka ƙi? A ba da misali cikakke.

A ɗauki gwiwar firam na bakwai, inda aka yi wa rafta walda da farantin ƙarshe mai kaurin milimita 20, wanda za a ɗaure shi da ginshiƙin B da kusoshi. Tsakiyar raftar milimita 10 ce, zane ya nemi waldar kusurwa mai ƙafar milimita 8, tsawonta milimita 600. Ana bin D1.1.

Sufeto ya bi da geji ya tarar ƙafa ta sauka zuwa milimita 6 daga 210 zuwa 300. Gazawar milimita 2 ce, tana cikin sassaucin milimita 3. Amma tsawon wurin milimita 90 ne, wato kashi 15 cikin ɗari na 600, alhali iyaka milimita 60 ce. An ƙi.

A gefen raftar ya ga zaizaya mai zurfin milimita 1.5 a wuri biyu, ɗaya tsawon 40, ɗaya 30, duka a cikin milimita 300 guda. Kowanne shi kaɗai da an karɓe shi. A haɗe sun zama 70, sun zarce 50. An ƙi.

A ƙarshen waldar akwai rami mai tsaga kamar tauraro. MT ya nuna tsawonta milimita 6. Wannan ba sai an yi lissafi ba.

```
F7-B-W3 | z8 | 600 mm | WPS-04 | W12
VT 210-300 : z6, 90 mm  (max 60)  REJ
VT 330-520 : 1.5 mm, 40+30 (max 50) REJ
MT 590     : 6 mm       (max 0)   REJ
```

Kowane layi yana ɗauke da wuri, abin da aka auna, iyakar da aka yarda, da hukunci, inda REJ ke nufin an ƙi. Ana haɗa hoto da rula a jikin aibin, lambar haɗin tana fitowa a cikin hoton. Sannan a zagaye wuraren a jikin ƙarfe da alli mai launi, a rataya wa raftar alamar tsayawa don kada ta wuce ɗakin fenti.

Aibi ukun suna ba da labari ɗaya ga wanda ya iya karatu: hannu ya yi sauri, wuta ta yi yawa, kuma an fizge sanda a ƙarshe ba a tsaya an cike rami ba. Shi ya sa ake rubuta alamar mai walda. Ba don a kunyata W12 ba ne, don a san waɗanne haɗe-haɗen ne za a koma a duba.

Yaya ake karanta sakamakon UT a rahoto?

A D1.1 kowace alama da na'ura ta nuna ana ba ta maki:

```
d = a − b − c
c = (tafiyar sauti a mm − 25) × 0.08
```

A nan a shi ne ƙarfin da aka buɗe na'ura kafin alamar ta kai layin awo, b shi ne ƙarfin da aka saita a kan tubalin gwaji, c kuma ragin da ake yi saboda sauti yana raunana da nisa. Abin da ke rikita sabon mai karatu shi ne ƙaramin maki ya fi muni, domin babban aibi ba ya bukatar a buɗe na'ura sosai kafin ya bayyana.

Misali haɗin filanji mai kaurin milimita 20, an bi shi da kan na'ura mai digiri 70. An samu a 52, b 44, tafiyar sauti milimita 50, don haka c ya zama 2, d kuma +6. A wannan kauri, +5 zuwa ƙasa aji A ne, ana ƙin sa ko yaya gajartarsa. +6 aji B ne, ana ƙin sa idan ya wuce milimita 20. +7 aji C ne, iyakarsa milimita 50. +8 zuwa sama aji D ne, an karɓa. Idan wannan alama tsawonta milimita 30 ne, an ƙi haɗin. Rahoto ya nuna lambobin huɗu duka, da kusurwa, da fuskar da aka gwada, da zurfin aibin daga sama, don mai gyara ya san ta wane gefe zai haƙa.

Ana iya duba walda da zarar an gama ta?

Duban ido yana iya farawa da zarar ta huce. Amma akwai tsagar da ke jinkiri, wadda iskar haidurojin ke jawowa: tana shiga narkakken ƙarfe daga sanda mai danshi, tsatsa, mai ko fenti, sai ta tsaga haɗin bayan sa'o'i. D1.1 ta wajabta jiran sa'o'i 48 a ƙarafa masu tsananin ƙarfi irin A514. EN 1090-2 tana da lokacin jira da ke ƙaruwa da kauri da ƙarfin ƙarfe, har zuwa sa'o'i 48. Don haka a rubuta lokacin da aka gama walda da lokacin da aka gwada, da awa, ba rana kawai ba.

Idan aka samu irin wannan tsaga, tandar ajiye sandunan walda ake fara tambaya. Sandar E7018, bayan an buɗe gwangwaninta, a zafin da bai gaza digiri 120 ba ake ajiye ta, kuma ba ta wuce sa'o'i 4 a sarari. Wadda ta jiƙe ba a gasa ta, zubarwa ake yi.

Bayan an ƙi haɗi, me ke biyo baya?

Gyaran ya danganta da aibin. Ƙarancin girma da zaizaya: a share wurin, a ƙara shimfiɗa, yawanci da sanda ƙarama. Hudoji da rashin narkewa: a haƙe da giranda ko wutar haƙa har a kai ƙarfe mai lafiya, a sake walda. Tsaga ta fi su ɗawainiya. A tabbatar da iyakarta da MT, a cire ta tare da milimita 50 na ƙarfe mai lafiya bayan kowane ƙarshenta, a sake MT a cikin ramin don a tabbata ba ta rage ba, sannan a cike. Wanda ya bi ta kan tsaga da sabuwar walda ya binne ta ne da rai, za ta ci gaba da tafiya a ƙasa. Tsagar da ta shiga jikin ƙarfen kansa kuma sai an sanar da injiniya kafin a taɓa ta.

Bayan gyara ana sake gwaji da hanyar da ta kama aibin tun farko, da ƙa'ida iri ɗaya. Abin da UT ya ƙi, ido ba zai wanke shi ba.

Ana goge layin "an ƙi" bayan an gyara?

A'a. Layin farko yana zama yadda yake, a buɗe sabo da F7-B-W3-R1, a rubuta ranar gyara, wanda ya gyara, WPS ɗin gyara, da sabon sakamako. Idan ya sake faɗuwa, R2. Sharuɗɗan ayyuka da yawa suna hana wuce gyara biyu a wuri ɗaya sai da izinin injiniya, domin kowane zagaye na zafi yana sauya ƙarfen da ke gefen walda kuma yana iya karkatar da farantin har ramukan kusoshi su daina haɗuwa.

Idan samfuri ake gwadawa, faɗuwar haɗi ɗaya tana faɗaɗa binciken. Yadda za a faɗaɗa yana cikin sharuɗɗan aikin, kuma abin da aka saba shi ne a ƙara haɗi biyu daga aikin mai walda ɗaya da WPS ɗaya. Idan ɗaya daga cikinsu ya faɗi, a bi rukunin duka.

Sufeto zai iya karɓar haɗin da ya wuce iyaka kaɗan, idan ya ga ba zai cutar ba?

Ba hurumin sa ba ne. Shi awo yake yi ya gwada da iyaka. Injiniyan da ya zana ginin ne ya san nauyin da ke kan haɗin, kuma shi kaɗai zai iya cewa a bar shi yadda yake. Wani lokaci hakan ya fi gyara hankali, misali ƙarancin girma kaɗan a maƙalar da ba ta ɗaukar wani nauyi. Amma sai a rubuce, da lambar takarda da sa hannu, kuma rahoto ya ci gaba da nuna cewa haɗin bai cika ƙa'ida ba, an karɓe shi ne da izini. Tsaga ba ta shiga wannan ƙofa.

Idan an miƙa mini rahoto, me zan duba kafin in sa hannu?

Ƙirga haɗe-haɗen da ke taswirar walda, ka ƙirga layukan rahoto, su zo daidai. Bi kowane REJ ka ga yana da R1 da aka karɓa ko takardar izinin injiniya. Gwada ranar bincike da ranar fenti, domin duban ido da aka yi bayan fenti ba abin dogaro ba ne. Duba ko akwai haɗin da aka rubuta "ba a iya kaiwa ba" aka bar shi haka, abin da ke yawan faruwa a bayan farantin ƙarfafawa a gwiwa. Waldar da aka yi a filin gini, a sama, cikin iska, ita ce ta fi saurin ɓacewa daga rahoto, saboda ba ta cikin taswirar masana'anta. Nemi layinta daban.

Sai awon kansa. Shafin da kowace walda ta fito milimita 8.0 cif daga sama har ƙasa alama ce ta an kwafi zane ne, ba a ɗora geji ba. Walda ta hannu tana zuwa da 8, 8.5, 9, wani wurin 7.5. Idan ka yi shakka, zaɓi haɗi uku daga takardar, ka ɗauki geji da tocila, ka je ka auna.